Makin Jikin Saniya: Yadda Hannu Ke Faɗa wa Makiyayi Wadda Za a Ƙara wa Abinci Kafin Haihuwa

Saniyar da bijimi ya hau a watan Yuli ko Agusta, lokacin da ciyawa ta yi shar kuma kowace dabba ke sheƙi, za ta haihu ne wajen Afrilu ko Mayu. Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, wato kwana 280 zuwa 290, kuma shanunmu masu tozo sun fi karkata ga ƙarshen wannan lissafi. Ma'anarsa ita ce watanni ukun ƙarshe na cikin suna faɗawa a Fabrairu, Maris da Afrilu, daidai lokacin da karan gona ya ƙare, an ƙone daji, tabkuna sun ƙafe, rana kuma tana dukan ƙasa. A cikin waɗannan watanni uku ne ɗan da ke ciki yake yin kusan kashi uku cikin huɗu na girmansa. Buƙatar uwa tana hawa, abinci yana sauka. Giɓin da ke tsakani kuwa daga jikinta ake cike shi.

Matsalar ita ce ido ba ya saurin ganin wannan asara. Ciki ya tura, saniya ta yi faɗi, mai ita ya hango ta daga nesa ya ce ai tana nan lafiya lau. Ko da ma'auni aka ɗora ta, zai iya nuna nauyinta bai ragu ba, alhali nauyin ɗa ne da ruwan mahaifa ya maye gurbin naman da ya zube daga bayanta. Tumbin da ya cika da busasshen kara ma yana ƙara ruɗin. Wannan ya sa masana kiwo suka fito da wata hanya da ba ta duban ciki ko kaɗan: a duba wuraren da ƙashi ke kusa da fata, a taɓa su da hannu, a ba saniya maki gwargwadon tsoka da kitsen da suka rufe su.

Ba sabon ilimi ba ne ga wanda ya tashi a ruga ko ya saba da kara. Kowane dillalin shanu yana dafa gindin wutsiya ya matsa awaza kafin ya yi tayi. Abin da masana suka ƙara shi ne lamba, don abin da hannu ya ji yau a iya rubuta shi a kwatanta da na wata mai zuwa, kuma mutum biyu su fahimci juna ba tare da gardamar "ta rame" da "ba ta rame ba". An fara tsarin a kan tumaki a Ostireliya a farkon shekarun 1960, masana a Sukotlan suka mayar da shi kan shanu a shekarun 1970. A 1978 wani mai bincike mai suna Pullan, wanda ya yi aiki da garkunan Fulani a tsaunukan Jos, ya wallafa tsarin ba da maki ga Bunaji. Sannan a 1986 cibiyar binciken dabbobi ta Afirka, ILCA, da ke Adis Ababa a wancan lokaci, ta fitar da ɗan littafin Nicholson da Butterworth wanda aka tsara musamman don shanu masu tozo, da maki daga 1 zuwa 9. Shi ne ya fi dacewa da Bunaji, Rahaji, Bokoloji da Azawak, kuma da shi za a yi magana a nan.

Ana yin aikin ne da safe, kafin garke ya fita kiwo ya sha ruwa, saniya tana tsaye daidai a kan ƙafafunta huɗu. Mai dubawa ya fara tsayawa a gefenta ya kalli haƙarƙari: guda nawa ake iya ƙirgawa da ido? Sai ya ɗora tafin hannu a gadon baya ya bi shi daga bayan tozo zuwa ƙugu, ya ji ko ƙasusuwan suna sukar hannu ɗaya bayan ɗaya ko sun lulluɓe. Wuri mafi faɗin gaskiya yana tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, inda wasu gajerun ƙasusuwa ke fitowa daga ƙashin baya zuwa gefe, a saman ramin kwiɓi. Ya sa babban yatsa a bakinsu, sauran yatsu a sama, ya ɗan matsa. A jikin ramammiyar saniya yatsa yana shiga tsakaninsu, bakinsu kuma da kaifi. A jikin mai ƙiba sai an danna kafin a ji su, ko ma a rasa su gaba ɗaya. Daga nan ya koma bayanta, da kula don kada ta yi harbi, ya dubi ƙasusuwan ƙugu biyu da na ɗuwawu biyu, da naman da ke tsakaninsu, ko ya lotsa ko ya cika, sannan ya sa yatsu a ramukan da ke gefen gindin wutsiya. Duka wannan ba ya cin minti biyu ga wanda ya saba.

Maki 1 zuwa 3 na ramammu ne. Mai maki 1 ita ce wadda ƙashi da fata kawai suka rage, da kyar take tashi. Mai maki 3 tana tafiya tana kiwo, amma ƙasusuwan bayanta suna da tsini a hannu, haƙarƙari da ƙugu da gindin wutsiya duk sun fito fili. Maki 4 zuwa 6 na matsakaita ne. A 4 har yanzu ana ganin haƙarƙari da ƙugu sarai, naman ɗuwawu ya ɗan lotsa, sai dai an fara samun tsoka a kan gajerun ƙasusuwan nan. A 5 ana ɗan hango haƙarƙari amma ƙashin baya ya kusa ɓacewa daga ido. A 6 jiki ya yi sumul, ba a ganin ƙashin baya amma hannu yana jin sa ba wahala. Daga 7 zuwa 9 ƙiba ce: sai an danna sosai ake jin ƙashi, har a kai ga 9 inda kitse ya taru curi-curi a gindin wutsiya da ƙirji.

Tozo fa? Yana taimakawa, domin tozon saniyar da ta sha wuya yana yaushi ya kwanta. Amma girmansa ya danganta da iri da jinsi. Na Bokoloji daban, na Rahaji daban, kuma Rahaji da dogayen ƙafafunta da siririn jikinta takan yi kama da ramammiya ko da tana cikin ƙoshi. Don haka kowace saniya da 'yan irinta ake kwatanta ta, kuma hukuncin ƙarshe na hannu ne a kan ƙugu da gadon baya.

Abin da ake nema shi ne saniya ta haihu tana kan maki 5, ko 5 zuwa 6. Karsana mai cikin fari ana so ta kai 6, saboda ita tana da aiki uku a lokaci guda: tana girma, tana rainon ciki, ga shayarwa tana tafe. Dalilin wannan lamba yana bayyana ne bayan haihuwa. Saniyar da ta haihu a rame dakashinta kaɗan ne, ɗanta yakan jima bai miƙe ya kama nono ba, ga shi kuma hanjin jariri yana iya ɗaukar garkuwar da ke cikin dakashi ne sosai a sa'o'i shidan farko, bayan kwana guda ƙofar ta rufe. Maraƙin da ya rasa wannan shi ne wanda zawo ko ciwon huhu ke ɗaukewa da saukar ruwan farko. Ita uwar kuma jikinta yakan dakatar da neman bijimi har sai ya farfaɗo. Domin saniya ta riƙa haihuwa duk shekara, dole ta ɗauki sabon ciki cikin kwana 80 bayan haihuwa. Binciken da ILCA ta yi a garkunan Fulani na kudancin Kaduna a shekarun 1980 ya nuna tazarar haihuwar Bunaji tana kai wa kusan shekara biyu, kuma yunwar rani tana cikin manyan dalilai. Wato maraƙi guda kenan ake rasawa a kowace shekara biyu, tare da nonon da zai zo da shi.

Har yanzu akwai masu ganin gara a rage wa mai tsohon ciki abinci don kada ɗa ya yi girma ya gagara fita. Wannan tunani ya cuci shanu da yawa. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna yunwa tana ɗan rage nauyin ɗa, amma ba ta rage wahalar haihuwa, domin uwar da ba ta da ƙarfi ba ta iya yunƙuri. Abin da ya fi kawo maƙalewar ɗa shi ne a bar babban bijimi, ko a yi allurar maniyyin shanun Turai, ga ƙaramar karsanar da ƙugunta bai gama buɗewa ba.

A ɗauki misalin makiyayi a yankin Kaciya mai shanu masu ciki goma sha biyu, duk Bunaji, da ake sa ran haihuwarsu daga ƙarshen Afrilu. A tsakiyar Janairu, saura kwana kamar 100, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Biyar suna kan maki 5 ko 6. Huɗu suna kan 4. Uku suna kan 3, ɗaya daga cikinsu karsana ce mai cikin fari, ɗaya kuma tsohuwa ce da har yanzu maraƙin bara ke binta yana tsotso. Abin da yake da shi buhunan ƙulin auduga ne 'yan kaɗan, da harawar gyada da ta wake da ya saya lokacin kaka, da dusa. Idan ya zuba wa duka sha biyun a kwami ɗaya, masu ƙarfi za su ture raunana su cinye, kuma abincin zai tafi ga waɗanda ba su fi buƙata ba. Amfanin makin na farko kenan: ya raba garken gida uku, ya faɗa masa bakin da zai fara ciyarwa.

Lissafin mai maki 3 yana da ɗan ɗaci. Maki guda a wannan tsari yana daidai da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin dabba. Ga Bunaji mai kilo 280, kilo 20 zuwa 22 kenan. Daga 3 zuwa 5 maki biyu ne, kusan kilo 44 na tsoka da kitse. A kan wannan sai a ƙara abin da cikin kansa zai ƙaru da shi a watannin nan, ɗa da ruwa da mabiyiya, wajen kilo 25 zuwa 30. Jimla ta kai wajen kilo 70 cikin kwana 100, wato gram 700 kowace rana. Saniyar da ke tafiyar kilomitoci zuwa ruwa, tana kalar busasshiyar ciyawa a zafin Maris, da wuya ta yi wannan. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a ɗaga ta da maki guda, ta haihu tana kan 4, a kuma hana masu 4 gangarowa zuwa 3. Wannan ma ba ƙaramar nasara ba ce, domin tsakanin 3 da 4 ne saniya ke iya kwanciya ta kasa tashi a makon haihuwa.

Me za a ba ta? Nan sai an fahimci abin da ya ɓace daga abincin rani. Tumbin saniya cike yake da ƙananan halittu masu narkar da ciyawa, kuma suna buƙatar abinci mai furotin aƙalla kashi 7 cikin ɗari kafin su yi aiki yadda ya kamata. Busasshiyar gamba da karan dawa sukan faɗi zuwa kashi 3 ko 4, wani lokaci ƙasa da haka. Sai karan ya zauna a tumbi ya ƙi narkewa, saniya ta ƙoshi a ido amma tana ramewa, kashinta ya fito da tauri yana da zara-zaran kara. Ƙara mata kara ba ya magance komai. Kilo ɗaya na ƙulin auduga, wanda furotin ɗinsa ya kai kashi 25 ko fiye, yana farfaɗo da waɗannan halittu, sai karan da take ci ya fara amfani, cinta ma ya ƙaru. Harawar wake da ta gyada, idan ganyensu bai kakkaɓe ba, suna da kashi 10 zuwa 15 ko sama da haka. 'Ya'yan gawo, waɗanda ke zuba daidai wannan lokaci, su ma suna da amfani sosai.

Don haka makiyayin ya ware ukun nan ya ɗaure su daban da yamma. Kowace ta samu ƙulin auduga kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, harawa kilo biyu, dusa kilo ɗaya, ga kara iya cinta, ga gishirin lasa, ga ruwa sau biyu a rana, domin mai ciki a wannan zafi tana iya shan lita 30 zuwa 40 kuma wadda ba ta sha ba ba ta cin busasshen abinci. Ba a rana ɗaya zai kai wannan adadi ba. Ya fara da rubu'in kilo na ƙuli da dusa, yana ƙarawa cikin kwana bakwai zuwa goma, don tumbin da ya saba da kara zalla yana iya lalacewa idan aka jibga masa dusa ko hatsi lokaci guda: zawo mai tsami, ƙin cin abinci, kumburin ciki. Ƙulin da ya yi fumfuna kuma zubarwa ake yi, komai tsadar da aka saye shi. Masu maki 4 su samu rabin kilo zuwa kilo ɗaya na ƙuli da ɗan harawa. Masu 5 da 6 kiwo da gishiri sun ishe su a yanzu, sai an shiga makonni shidan ƙarshe a fara ɗan tallafa musu.

Tsohuwar da maraƙi ke bi kuwa, maganinta na farko ba ya cin ko sisi: a yaye ɗan, a daina tatsarta. Nono yana cin abinci fiye da komai a jikin saniya, kuma kowace mai ciki tana buƙatar hutun tatsa na wata biyu kafin haihuwa, ramammiya ma fiye da haka. Sai dai wannan shawara ba ta mai garke kaɗai ba ce. A ruga nono na mata ne, da kuɗinsa ake sayen gishiri da sabulu da kayan miya, ga shi a rani ne ya fi tsada. Duk jami'in da ya ce a daina tatsa ba tare da ya zauna da uwargida ta ga lissafin da idonta ba, ƙwarya za ta ci gaba da shiga ƙarƙashin saniyar da asuba. Kuma ba laifinta ba ne.

Bayan wata guda ya sake bin su da hannu ya rubuta. A ce biyu sun fara cikowa, ɗaya kuma tana nan jiya i yau duk da tana cinye rabonta. To wannan ba yunwa kaɗai ke damunta ba. A buɗe bakinta a duba haƙora, ko sun zube ko sun cinye. A janye fatar ido a gani ko ta yi fari fat, a duba ƙarƙashin haɓa ko akwai kumburin ruwa, alamun ciwon hanta ko tsutsar ciki, musamman ga shanun da ke kiwo a fadama. Idan garken ya je yankin ƙudan tsando, a yi zaton sammore. Shanun da ke yawo a bakin gari kuwa sau da yawa leda ce ta cunkushe musu tumbi. Wannan aikin likitan dabbobi ne, kuma dole a gaya masa tana da ciki wata nawa, don akwai allurai irin su dexamethasone, da wasu ke yi wa dabba da sunan ta yi ƙiba, waɗanda ke sa mai tsohon ciki ta yi ɓari.

Darasin da ke cikin lissafin kwana 100 ɗin nan shi ne Janairu ma an ɗan makara. Da a watan Oktoba ko Nuwamba ya duba su, lokacin da gonaki suka buɗe, kara da harawa suka yi araha, ɗan cikin kuma bai fara cin rabo mai yawa ba, da maki biyun nan sun samu cikin sauƙi. A makonni ukun ƙarshe kuwa kusan ba abin da za a iya ƙarawa a jikinta, domin ɗa ya danne tumbi, cinta ya ragu, duk abin da ta ci yana tafiya ga ɗa da hantsa.

Akwai ɗaya gefen matsalar, wanda ya fi samun masu kiwon madara a kewayen Kano, Kaduna, Zariya da Jos, inda ake ajiye shanun da aka haɗa da jinin Firiziyan a ɗaure ana zuba musu dusar alkama da masara. Su galibi da tsarin maki 1 zuwa 5 suke aiki, inda ake so saniya ta haihu tana kan 3 zuwa 3 da rubu'i. Kada a rikita biyun: 3 a wannan tsari daidai take da kusan 5 a wancan, don haka duk wanda ya faɗi maki a tambaye shi cikin nawa. A irin waɗannan gonaki saniyar da ta daɗe ba ta ɗauki ciki ba takan yi ta ci tana ƙiba har ta kai 4 ko fiye. Mai ita yana alfahari da ita, amma ita ce ke cikin haɗari. Kitse yana matse hanyar haihuwa. Bayan ta haihu cinta yana yin ƙasa fiye da na sauran, jiki ya shiga narkar da kitse da gaggawa don yin madara, kitsen ya taru a hanta. Sai a ga ta ƙi dusa, madara ta faɗi, tana zubewa a ido cikin makonni biyu ko uku, numfashinta yana wani wari mai zaƙi-zaƙi. Masu ƙiba sun kuma fi faɗawa ciwon ƙarancin kalsiyam, wanda ke kwantar da saniya kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa, kunnuwa su yi sanyi, ta lanƙwasa wuya zuwa kwiɓinta.

Gyaran mai ƙiba ma a kan lokaci yake. Ana rage mata dusa da hatsi ne tun tana ƙarshen tatsa, wata uku zuwa huɗu kafin haihuwa. Idan har ta shiga watanni biyun ƙarshe da ƙibarta, ba a sa ta yunwa don ta zube, domin wannan shi ke jawo ciwon hantar tun kafin ta haihu. A riƙe ta yadda take, a cika mata tumbi da ciyawa da kara mai kyau, a bar ta ta riƙa motsa jiki. A makonni ukun ƙarshe a fara saba mata kaɗan-kaɗan da abincin da za ta ci bayan haihuwa, a kuma janye mata kanwa a wannan ɗan tsakani, saboda kanwa da makamantanta suna dakushe yadda jiki ke janyo kalsiyam daga ƙashi a ranar da madara ta sauko. Bayan haihuwa a ci gaba da dubawa duk mako biyu: mai madara da yawa za ta ɗan zube, amma idan asarar ta wuce rabin maki zuwa maki guda a tsarin 5 cikin watanni biyun farko, sai a duba abincinta da lafiyarta tun kafin lokacin neman bijimi ya zo.